Katin ya haskaka gaba ɗaya da na ɗora masa fitila, na gaske ne ke nan?

Baban Sadik (Kwangila): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara daga waɗanda suka sani. Ina da keke guda uku da nake ba yara suna kawo balas, kuma ƙa'idata ita ce duk wanda zai karɓi keke sai ya kawo wanda zai tsaya masa, da katin shaidar mutumin. Jiya wani yaro ya zo da katin ɗan ƙasa na wanda ya ce kawunsa ne, yana zaune a Tudun Wada, wai ya yi tafiya sai ƙarshen mako. Katin roba ne, hoton mai launi, akwai lambar NIN, sannan a kusurwar ƙasa akwai wani tambari zagayayye mai walƙiya. Ina da fitilar duba kuɗi da na saya a kasuwar Sabon Gari. Da na ɗora masa, katin gaba ɗaya ya ɗauki haske, fari fat mai shuɗi-shuɗi. Shin wannan alama ce ta cewa na gwamnati ne? Keke ba ƙaramin kuɗi ba ne, ba na son in yi gaggawa, kuma ba na son in zargi yaron mutane a banza.

Abba mai cirar kuɗi (Samaru): Wa'alaikumus salam Baba. In dai ya haskaka ai shi ke nan. Jabu ba ya ɗaukar hasken nan, tawada ce ta musamman da gwamnati kaɗai ke da ita. Ga kuma hologiram, tambarin nan mai walƙiya, ka ce akwai. Ka ba shi keke kawai.

Malam Isiyaku mai ɗab'i: Wa'alaikumus salam. Alhaji, ka dakata tukuna. Abba, rabin maganarka daidai ne, amma rabin da ya rage shi ne mai haɗarin. Gaskiya ne ana sa tawada mai tashi a ƙarƙashin hasken ultarabayolet, wato irin na fitilar duba kuɗi, a katuna da fasfo da kuɗi. Sai dai abin da ake nema shi ne jikin katin ya tsaya shiru, ya yi duhu, sannan wani zane ko rubutu da ba a gani da rana ya fito a wuri guda, da iyakarsa tsaf. Katin da ya haskaka tun daga wannan baki har wancan baki bai nuna maka tawadar komai ba. Farin jikinsa ne ke haske.

Dalili shi ne masu yin takardar fotokwafi da farar roba ta kasuwa suna zuba wani sinadari da ke sa abu ya ƙara fari a ido. Shi ne dai ake sawa a garin sabulun wanki don farar riga ta yi ƙal. Sinadarin nan yana shan hasken ultarabayolet ya mayar da shi shuɗi. Su kuwa masu buga kuɗi da fasfo da gangan suke zaɓar takarda marar wannan sinadari, don ɓoyayyen zanensu ya samu duhun da zai fito a kai.

Alhaji, ka gwada yanzu, ba sai ka yarda da ni ba. Shiga ɗaki ka kashe wuta. Ajiye abu uku a jere: farar takardar fotokwafi, sabuwar naira dubu, da katin nan. Ka haska su tare, ka gaya mana wanne katin ya fi kama da shi.

Baban Sadik (Kwangila): Na gwada Malam. Takardar fotokwafin ta haskaka sosai. Dubun kuwa jikinta bai tashi ba, wasu 'yan wurare ne kawai suka fito. Katin sak takardar fotokwafi, kuma ban ga wani zane a cikinsa ba ko kaɗan.

Abba mai cirar kuɗi (Samaru): To Malam, ni kuma akwai ranar da aka kawo mini dubu ɗaya ta haskaka gaba ɗaya, na ƙi karɓa, mutumin ya kai banki aka karɓa. Ke nan ba ƙa'ida ba ce.

Malam Isiyaku mai ɗab'i: Mai yiwuwa an wanke ta ne a aljihun riga. Takarda tana shan ruwan sabulu, sinadarin ya zauna a jikinta, sai ta gaske ma ta riƙa haske. Shi ya sa ban ce wa Alhaji katin jabu ne ba. Abin da na ce shi ne hasken nan ba shaidar inganci ba ne. A kan roba ma sai an ƙara hattara, don akwai katunan makaranta da na wurin aiki na halal da ake bugawa a kan farar roba mai haske, ni da kaina ina buga irinsu. Fitila tana amsa tambaya ɗaya ce: akwai ɓoyayyen zane a inda ya kamata, ko babu? Kuma ba za ka san inda ya kamata ba sai kana da wani kati irinsa, bugu ɗaya da shi, wanda ka tabbata daga hannun hukuma ya fito, ka jera su.

Wani abu kuma game da fitilar kanta. Ku duba jikinta ko kwalinta. Yawancin masu araha an rubuta `395nm`, haskensu launin shunayya ne mai yawa da ido ke gani, sai ya rufe zane mai rauni. Wadda aka rubuta `365nm` ita ta fi dacewa da wannan aiki, haskenta a ido kaɗan ne amma zanen ya fi fitowa da launinsa. Kada a haska ta a ido, kuma kada a bar wa yara.

Maman Ilham (Gyallesu): Salamu alaikum. Don Allah tunda ana maganar katin ɗan ƙasa, ni shekarar haihuwata ce aka yi kuskure a NIN, ta saɓa da ta takardar makaranta. Wannan fitilar za ta nuna ainihin shekarar da ke ciki?

Anti Rabi (Hanwa): A'a Maman Ilham, fitila ba ta karanta abin da ke rumbun hukuma. Gyaran shekara sai ta hanyar NIMC, da takardar shaidar haihuwa. Ki yi mini magana ta gefe in gaya miki yadda na yi wa ƙanwata.

Sani Tukur-Tukur: Alhaji ka ɗauki hoton katin gaba da baya ka turo nan mu gani mana, a daina wahala.

Anti Rabi (Hanwa): Don Allah kada ka turo, Alhaji. Mun fi mutum ɗari biyu a nan. In katin na wani bawan Allah ne da gaske, ka watsa sunansa da hotonsa da lambarsa goma sha ɗaya ga mutanen da bai sani ba. Na yi shekara tara ina buɗe wa mutane asusu a banki kafin in bari, na ga yadda hoton kati ɗaya ke yawo har ya koma hannun da bai dace ba. Ban da haka ma, hoto ba ya nuna abin da ake nema. Hologiram sai an juya shi, ƙananan rubutu kuma manhaja tana matse hoto ta lalata su.

Baban Sadik (Kwangila): Gaskiyarki Hajiya, ba zan turo ba. Malam Isiyaku, to tambarin nan mai walƙiya fa? Shi ne ya fi kwantar mini da hankali tun farko.

Malam Isiyaku mai ɗab'i: Sa farcenka a bakinsa a hankali, kada ka ɓamɓare. Kana jin tudu? Sannan ka tsaya ƙarƙashin ƙwan lantarki ɗaya, ko bakin taga inda rana ke shigowa ta gefe guda, ka karkata katin sama da ƙasa, ka kuma karkata shi hagu da dama. Me aka rubuta a ciki, kuma me yake canzawa?

Baban Sadik (Kwangila): Akwai tudu, farce yana kama shi kamar sitika. Launi yana canzawa kamar bakan gizo. Rubutun kuwa kalmar "orijinal" ce da Turanci, an jera ta sau da yawa, da 'yan taurari.

Malam Isiyaku mai ɗab'i: To wannan sitika ce ta kasuwa. Nadi-nadi ake sayar da ita, ita ce kake gani a kwalin caja da batirin waya. Duk wanda ke da kuɗin saye zai manna ta a kan abin da ya ga dama. Walƙiya kaɗai ba ta isa ba, takardar naɗe kyauta ma tana walƙiya.

Hologiram na hukuma ana ƙera shi ne don wannan katin kaɗai, saboda haka abin da ke cikinsa yana da alaƙa da mai katin: tambarin ƙasa, ko sunan hukumar, ko taswira. In ka juya shi ba launi kawai ke sauyawa ba, wani siffa yana ɓacewa wani yana fitowa, ko layuka su yi kamar suna tafiya, kuma kullum a kusurwa ɗaya abu ɗaya zai faru. Sannan dubi inda ake ajiye shi. Galibi ana sa shi ya hau kan wani ɓangare na hoton mutum ko bayanansa, yana shara-shara ana ganin fuskar ta ƙasansa. Hikimar ita ce wanda ya so canza hoto dole ya yaga hologiram ɗin. Tambarin da aka manna can a kusurwa, nesa da hoto, ba ya gadin komai. A katuna masu kyau ma yana cikin jikin robar ne, ka shafa ba za ka ji shi ba. Wasu kuma shimfiɗa ce mai shara-shara da ta rufe kusan fuskar katin duka, wadda za ka iya jin bakinta kusa da gefe, amma ba ɗigo guda kamar kwabo ba.

Abba mai cirar kuɗi (Samaru): Na karɓi gyara a kan wannan. Amma Malam ƙananan rubutun da ake faɗa, ni ban taɓa ganinsu ba a kowane kati. Anya ba labari ba ne?

Malam Isiyaku mai ɗab'i: Suna nan Abba, kana kallonsu kullum a matsayin layi. Wannan ne ma gwajin da na fi yarda da shi, don shi ne sana'ata, kuma na san inda injina yake gazawa.

Abin da ido ke gani kamar siririn layi a ƙarƙashin wani rubutu, ko a zagayen hoto, ko cikin zanen bango, in ka sa gilashi sai ka tarar haruffa ne a jere. Tsayin harafin bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba, wato wajen 0.25. Yanzu ga lissafin. Injin buga katin roba irin na shago, irin nawa, yana ɗiga ɗigo 300 a inci ɗaya. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. In ka raba, kowane ɗigo ya kai wajen milimita 0.085. Ke nan harafi mai tsayin 0.25 ɗigo uku kacal zai samu daga sama zuwa ƙasa. To ka ɗauki harafin E: yana da sanda uku a kwance da fili biyu a tsakaninsu, aƙalla yana buƙatar layi biyar. Da ɗigo uku ba zai fito ba, sai ya dunƙule. Shi ya sa in aka kwafi katin gaske aka sake bugawa a shago, wurin rubutun yakan koma layi mai kumburi-kumburi, ko ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero.

Na gasken kuwa da babban injin faranti ake buga bangonsa tun a masana'anta, kowane layi da tawadarsa guda, bakinsa a yanke tsaf. Ko zanen nan na layuka masu lanƙwasa da ke saƙe da juna a bango, ka bi guda ɗaya da gilashi: a na gaske zai tafi bai yanke ba, launinsa na iya sauyawa a hankali daga kore zuwa wani launi ba tare da ɗigo ba. A kwafi za ka ga layin ɗigogi ne na shuɗi da ja da rawaya aka haɗa don su ba da launin.

Gilashin da ake buƙata mai ƙara girma sau goma ne, irin na masu gyaran agogo da waya. Ka kusanto da shi idonka, sannan ka matso da katin har ya fito, ba ka miƙa hannu nesa ba.

Sani Tukur-Tukur: Kyamarar waya ba za ta yi ba? In na ja hoto sau goma ai ɗaya ne.

Malam Isiyaku mai ɗab'i: Ba ɗaya ba ne Sani. A yawancin wayoyi jan hoto faɗaɗa shi kawai yake yi, kuma wayar tana shafe shi don ya yi kyau, sai rubutun gaske ma ya zama kamar ya dunƙule, ka zargi mai gaskiya. In wayarka tana da kyamarar ɗaukar abu na kusa-kusa, za ta taimaka da rana. In babu, ɗora gilashin a bakin kyamarar.

Kuma in faɗi iyakar gwajin. Akwai injuna masu ɗigo 600, da su harafin zai samu ɗigo shida, ya ɗan karantu, ko da yake bakinsa zai yi tsani-tsani. Sannan katin da ya shekara goma a aljihu yana gogayya da makulli, fuskarsa ta karce, zai yi wuyar karantawa ko da na gaske ne.

Baban Sadik (Kwangila): Na je wurin mai gyaran waya a bakin titi na ari gilashinsa. Na fara da nawa katin, tsohon nan mai ƙarfe kamar na cirar kuɗi, wanda na karɓa da hannuna a ofis. Allah mai iko, layukan bangon a yanke suke tsaf kamar yadda ka faɗa. Na yaron kuwa bangon ya yi dishi-dishi, launukan sun narke cikin juna, baƙin rubutun sunan ne kawai ya fito, shi ma bakinsa kamar tsani. Wani abu kuma, nawa hoton baƙi da fari ne, nasa mai launi, kuma nasa ba ƙarfen.

Malam Isiyaku mai ɗab'i: Sake su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur daga ɗan sama kaɗan, ka saurara.

Baban Sadik (Kwangila): Nawa ya yi ƙara kamar marfin gwangwani. Nasa ya faɗi ɗif.

Malam Isiyaku mai ɗab'i: To ka ji bambancin roba. Naka irin wanda aka ƙaddamar a 2014 ne, robarsa folikabonet ce mai tauri, shi ya sa take ƙara. Ba tawada ake zuba wa hotonka ba, hasken leza ne ke ƙona shi a cikin jikin robar, dalilin da ya sa ya fito baƙi da fari ke nan, kuma ba a kankare shi sai an lalata katin. Na yaron farar roba ce mai laushi da aka buga wa launi a fuska. Wannan bugun shago ne, ba ni da shakka.

Sani Tukur-Tukur: Shi ke nan an kama ɓarawo. Alhaji riƙe katin ka kira 'yan sanda kafin ya gudu.

Anti Rabi (Hanwa): Sani a yi a hankali. Bugun shago daban, ƙarya daban. Mutane da yawa ba su taɓa samun katin mai ƙarfe ba, takardar NIN kawai gare su. Sai su kai shagon kwamfuta a buga musu ita a kan roba don kada ta yage, mai shagon ya ƙara sitika don ta yi kyau a ido. Rabin Zariya abin da ke aljihunsu ke nan. Mutumin na iya kasancewa na gaske, lambarsa ta gaske. Abin da gwajin Malam ya tabbatar shi ne robar nan ba ta da wata kariya a jikinta, wanda ya buga ta zai iya sa kowane hoto kusa da kowane suna. Saboda haka ba ta isa shaida ba, amma kuma ba hujjar kama mutum ba ce. Darajarta tana ga lambar, ita kuma lambar sai an tantance ta a rumbun NIMC ta hanyar wanda aka ba izini, da yardar mai ita, a ga wane suna da wace fuska za su fito.

Kuma Alhaji, ka yi haƙuri in faɗa, ko da katin ya ci duk gwajin nan, da sauran magana. Kati mafi wuyar sha'ani da na taɓa gani a kanta na gaske ne tsaf, hologiram da komai, sai dai wanda ya miƙo shi ba shi ne a hoton ba, ƙanin mai shi ne. Kai kuma ko mai katin ba ka gani ba. Wa ya ce maka ya san an kawo katinsa? Yaro na iya ɗaukar katin kawunsa na gaske daga aljihun riga.

Malam Isiyaku mai ɗab'i: Wannan haka yake Hajiya. Sai dai ni sitikar nan ta tsaya mini a rai. Wanda ke son kare takardarsa daga yagewa ba ya buƙatar tambarin da zai sa a ɗauka daga hukuma ta fito. Ni a shagona ba na mannawa, ko an roƙe ni.

Anti Rabi (Hanwa): Kai ka san ma'anarta Malam, shi ya sa. Talakan da ya biya kuɗin bugu bai sani ba, gani yake an yi masa aiki mai kyau. Ba zan ɗora masa laifin mai shago ba.

Malam Isiyaku mai ɗab'i: Ban ɗora masa ba, amma ba zan cire ta daga lissafi ba.

Abba mai cirar kuɗi (Samaru): Ni yanzu tambayata, in mutum ya kawo katin zaɓe ko lasisin tuƙi, zanen da zan nema da fitila iri ɗaya ne da na katin ɗan ƙasa?

Malam Isiyaku mai ɗab'i: A'a, kowace hukuma da nata, kuma hukuma ɗaya ma takan canza zane in ta sake bugu. Kada ka gwada lasisin FRSC da katin INEC. Ka nemi na gida waɗanda ka san asalinsu, naka da na iyalinka, ka zauna da fitila da gilashi ka san kowanne: ina zanen yake, wane launi, ina layin da ke ɗauke da rubutu. In baƙon kati ya zo, ka jera shi da ɗan uwansa na kusan shekara ɗaya. Kuma ka riƙa duba baya, masu kwafi sun fi ba gaba ƙoƙari.

Baban Sadik (Kwangila): Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira yaron na mayar masa da katin, ban ce masa komai na zargi ba. Na ce keke yana nan, amma sai kawun ya zo da ƙafarsa, da wani katin na biyu wanda hukuma ta buga, kuma mu je tare har ƙofar gidansa a Tudun Wada in gaisa da mai unguwa. Ya ce ba matsala, ranar Asabar. Sai dai ya ƙara da cewa sunan da ke katin zaɓen kawun ya ɗan bambanta da na wannan, wai a ɗaya an sa sunan mahaifi, a ɗaya sunan gari.

Anti Rabi (Hanwa): Wannan yana faruwa sosai a wurinmu, shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Ka dubi ranar haihuwa a duka biyun, ka dubi fuskar mutumin da kyau, musamman kunne da tazarar idanu, don su ba sa canzawa da ƙiba ko gemu. Ka sa shi ya faɗi ranar haihuwarsa da bakinsa katin yana hannunka.

Malam Isiyaku mai ɗab'i: In ka samu dama Alhaji, ka biyo da naka katin zaɓen ta shago kafin Asabar, bayan la'asar ina nan. Zan nuna maka wuraren da za ka sa gilashi a kai, don ranar kada ka tsaya nema a gaban baƙo.

Baban Sadik (Kwangila): In sha Allahu gobe zan shigo Sabon Gari, zan zo da shi da fitilar tawa ka duba mini lambar da ke jikinta.